Saƙo Ɗaya, Riga Uku: Yadda Ake Rubuta wa Abokin Aiki Baturen Holan, Ba'ingile da Balarabe

 Yau zan taɓo wani abu da kusan kowannenmu yake yi sau goma ko ashirin a rana, ko a ofis yake, ko a asibiti, ko a jami'a: rubuta wa abokin aiki saƙo. Da yawa daga cikinmu Turancinmu ko Larabcinmu ba shi da aibu ta fuskar nahawu, amma sai ka ji ana cewa wane ba a gane abin da yake so, ko kuma wance tana da kaushin harshe. Sau da yawa abin da ya jawo haka shi ne an sa wa magana rigar da ba ta garin ba.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe guda ɗaya ne. Kowane saƙon aiki yana da ƙwaya, yana da riga. Ƙwayar ita ce abu huɗu: me ake so a yi, wa zai yi, yaushe, kuma don me. Rigar ita ce gaisuwa, da neman afuwa, da yabo, da sassauta lafazi. Riga ana canza ta gwargwadon wanda ake rubuta wa. Ƙwaya kuwa ba a taɓa ta, ko ga wa za a aika. Mafi yawan saɓanin da na gani a wurin aiki ya faru ne a ɗayan hali biyu: ko an yi ta lulluɓa riga har ƙwayar ta ɓace, ko an miƙa ƙwayar tsirara ga wanda bai saba karɓarta haka ba.

Inda muka fito

Mu Hausawa an raine mu a kan cewa ba a faɗa wa mutum magana gatsal. Ka je wurin babba da buƙata, sai ka gaishe shi, ka tambayi iyali da gajiya, ka ɗan yi shiru, sannan ka ce "dama cewa na yi ko da hali". In zai hana ka, da wuya ya ce a'a. Zai ce "to, bari mu gani", ko "Allah Ya kai mu", kai kuma ka riga ka gane. Muna da kunya, da kara, da kawaici, da hannunka-mai-sanda, kuma duk wanda ya tashi a cikinmu ya san yadda ake karanta su. A 1974 masanin nan Anthony Kirk-Greene ya wallafa wata lacca a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya jera halaye goma. A cikinsu akwai gaskiya, akwai kuma kunya da ladabi. A gida waɗannan halaye ba sa karo da juna, domin mai sauraro ya san yadda zai ciro gaskiyar daga cikin ladabin. A ƙasar waje ne suke karo, saboda mai karanta saƙonka bai san wannan hanya ba.

Masanin al'adu Ba'amurke Edward T. Hall ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1976. Ya ce a wasu al'ummomi mafi yawan ma'ana tana cikin abin da ke kewaye da magana: waye ke faɗi, ga wa, a ina, da abin da aka yi shiru a kai. Ya sa Japanawa da Larabawa a wannan ɓangare, kuma a ganina mu ma a nan muke. A wasu al'ummomin kuwa, kamar Jamusawa da mutanen arewacin Turai, ana sa ran a sami ma'anar a cikin kalmomin kansu. Abin da ba ka rubuta ba, ba ka faɗa ba.

Rubutu yana ƙara tsananta wannan bambanci. Idan kana gaban mutum, fuskarka da muryarka suna taya ka. A imel kuwa babu murmushi, babu sunkuyar da kai. Saboda haka kawaicin da zai yi aiki a baki, a rubuce sai ya zama duhu.

Fitowa fili iri biyu ne

Akwai wani abu da yakan rikita sabon zuwa. Sai ya ɗauka Turawa duk kai tsaye suke magana, don haka sai ya cire kunya gaba ɗaya ya riƙa rubuta wa kowa ƙeƙe-da-ƙeƙe. Erin Meyer, malama a makarantar nazarin kasuwanci ta INSEAD, ta rarrabe abin a littafinta na 2014. Fitowa fili wajen ba da bayani daban, fitowa fili wajen gaya wa mutum kuskurensa daban. Amurkawa suna cikin waɗanda suka fi kowa shimfiɗa bayani dalla-dalla, amma in za su soki aikinka sai sun fara da yabo. Mutanen Holan suna fitowa fili a duka biyun. Ingilishi kuwa, in an zo kan suka ko umarni, suna da nasu kawaicin da bai gaza namu ba, sai dai hanyarsa daban.

Ba ra'ayi kawai ba ne. A 1981 masana harshe biyu, Juliane House da Gabriele Kasper, sun kwatanta yadda Jamusawa da Ingilishi suke roƙo da ƙorafi a yanayi iri ɗaya. Sun samu cewa Jamusawa sun fi zaɓar lafazin kai tsaye, Ingilishi kuma sun fi yawan kalmomin sassautawa. Kowane ɓangare yana ganin nasa shi ne ladabi. Bajamushe yana ganin girmama ka ne ya gaya maka abin da yake nufi kada ya ɓata maka lokaci. Ba'ingile yana ganin girmama ka ne ya bar maka ƙofa, ya nuna kamar zaɓi yana hannunka ko da ba haka ba ne.

Kuskure ɗaya, mutum uku

Bari mu ɗauki misali irin wanda nake cin karo da shi a aikina, inda muke hulɗa da ofisoshi a Manchester, da Rotterdam, da Jidda. A ce abokin aiki ya aiko da rahoton kaya na wata. A jadawali na biyu ya rubuta kwali 420, alhali takardar kuɗin da ke hannuna ta nuna 240. A bayyane yake lambobi ne suka juya masa. Ni kuma dole in miƙa rahoton ga sashen kuɗi ranar Alhamis 14 ga wata da ƙarfe 2 na rana, don haka ina bukatar gyaran kafin ƙarfe 12.

Kafin in rubuta komai, nakan fitar da ƙwayar a layi ɗaya: a gyara 420 ta koma 240 a jadawali na biyu, shi zai gyara, kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis 14 ga wata, domin sashen kuɗi na jira. Wannan layi zai shiga kowane saƙo. Yanzu sai riga.

In da Bahaushe ɗan'uwana ne, kuma ya girme ni, da abin da zai fito daga hannuna kamar haka ne: "Ranka ya daɗe, barka da aiki, ya iyali? Allah Ya saka da alheri da wannan ƙoƙari. Dama na ɗan leƙa rahoton nan ne, sai na ga kamar akwai wurin da za a sake dubawa in an sami sarari. A yi haƙuri da damu." Shi zai gane, ya kira ni ya tambayi wurin. Amma a duba abin da ya faru: babu 420, babu 240, babu Alhamis. Idan aka fassara wannan zuwa Turanci aka aika Rotterdam, mutumin zai karanta godiya da yabo, ya ga an ce in an sami sarari, ya ajiye sai mako mai zuwa. Kuma ba shi da laifi, abin da aka rubuta ya bi.

Ga na Rotterdam, abin da zan rubuta, in na mayar da shi Hausa, shi ne: "Barka, wane. Akwai kuskure a jadawali na biyu na rahoton: an rubuta kwali 420, takardar kuɗi ta nuna 240. Na haɗa maka takardar. Don Allah ka gyara ka dawo min da shi kafin ƙarfe 12 agogon Landan, ranar Alhamis 14 ga wata, domin zan miƙa wa sashen kuɗi da ƙarfe 2. Na gode." Kalmar kuskure ta fito a layin farko, kuma ba zai ji ciwo ba. Da na tsaya yabonsa na layi uku kafin nan, da zai iya tunanin ko akwai wata manufa a ƙasa. A lura kuma na ce agogon Landan, domin Holan tana gaban Birtaniya da awa ɗaya duk shekara.

Ga na Manchester, ƙwayar tana nan, amma lafazin zai sauya a wuri uku. Na farko, zan buɗe da layi ɗaya na fatan alheri da godiya a kan rahoton. Na biyu, zan ɗora kuskuren a kan jadawalin, in cire kalmar "kai". Maimakon in ce ka yi kuskure, sai in ce kamar lambar da ke jadawali na biyu ba ta dace da takardar kuɗi ba, can 420, nan 240. Na uku, umarnin zai zo da siffar tambaya, wato irin "Would you mind" ko "Could you possibly", ma'ana ko ba za ka damu ba ka gyara. Bayan wannan sai lokacin ya zo tsaf yadda yake: ƙarfe 12, Alhamis 14 ga wata, da dalilinsa. Kalmar "kamar" da na sa ba ta nufin ina shakka, kuma shi ma ya san haka. Hanya ce ta ba shi damar gyarawa ba tare da an nuna shi da yatsa ba.

Ga na Jidda, musamman in ya girme ni a shekaru ko muƙami, rigar za ta fi ta kowa tsawo, kuma a nan tarbiyyarmu ta gida tana yi mana rana. Zan fara da sallama cikakkiya, in kira shi da laƙabinsa, Ustaz ko Dakta ko Injiniya, in yi masa fatan lafiya shi da iyali, in gode masa. Sannan in kawo maganar ta hanyar da ba za ta zubar masa da girma ba: na ga bambanci tsakanin jadawali na biyu da takardar kuɗi, 420 da 240, ina roƙon ya taimaka a duba a daidaita. Sai in faɗi ranar da lokacin, in bayyana cewa sashen kuɗi ne ya ɗaure ni. Abu biyu nake ƙarawa a nan. Ɗaya, ba na sa kowa a layin CC, domin gyaran da aka yi wa mutum a gaban jama'a ya zama tozarci. Biyu, nakan biyo bayan imel ɗin da kiran waya ko ɗan saƙon murya, saboda a can magana baki da baki ta fi takarda nauyi. Lokacin ma yana da muhimmanci na musamman: tun 2013 hutun ƙarshen mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne. Idan Alhamis ta wuce, ba zan same shi ba sai Lahadi, ranar da ni kuma nake hutu. Kwana uku ke nan sun tafi. Ga shi kuma suna gaban Landan da awa uku a lokacin sanyi, awa biyu a lokacin zafi.

A jera saƙonnin uku a duba. Na farko layi huɗu, na biyu wajen shida, na uku zai kai goma. Amma 420, da 240, da ƙarfe 12, da Alhamis 14 ga wata suna cikin kowanne. Gwajin da nake yi kafin in danna aikawa shi ne in tambayi kaina: da za a goge gaisuwa da godiya duka, wanda bai san komai a kan maganar ba zai iya faɗin abin da ake so a yi da lokacinsa? In ba zai iya ba, riga ta cinye ƙwaya.

Abubuwan da ake murɗawa

Daga wannan misali za a ga cewa sassauta saƙo ko ƙarfafa shi ba sihiri ba ne. Wurare kaɗan ne ake taɓawa.

Na farko shi ne inda buƙata take zama. Ga mai son kai tsaye, tana layin farko, dalili ya biyo baya. Ga mai son shimfiɗa, gaisuwa da dalili su fara, buƙata ta biyo. Amma ko a nan, a ba buƙatar sakin layinta ita kaɗai, kada a binne ta a tsakiyar addu'o'i.

Na biyu shi ne siffar aikatau. "Gyara" umarni ne. "Za ka iya gyarawa?" tambaya ce. "Ina tunanin ko zai yiwu a gyara" ya fi su duka laushi. A nan akwai tarkon da yake kama 'yan Najeriya da Gana da yawa. Mun saba ganin cewa da zarar an sa "please" ko "kindly" a gaban umarni, an gama ladabi. A kunnen Ba'ingile umarni umarni ne ko da an sa masa waɗannan, har ma "kindly" takan zo masa da sautin wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa. Ladabinsu yana cikin mayar da umarnin tambaya. Haka nan fara saƙo da cewa ina so ka yi kaza, wanda a wurinmu ba komai ba ne, a wurinsu maganar maigida ce ga yaronsa.

Na uku shi ne a kan wa ake ɗora laifi. "Ka manta da takardar" da "takardar ba ta iso ba" labari ɗaya suke bayarwa, amma na biyun bai kama kowa ba. Hausa ta ƙware a wannan da "an" da "a": an manta, a duba. Sai dai a kula, wajen faɗin abin da ya faru ne wannan yake da amfani. Wajen faɗin wanda zai yi gyara, dole a ambaci mutum. Idan ka rubuta wa mutum biyar cewa ya kamata a gyara, kowa zai jira ɗan'uwansa.

Na huɗu shi ne kiran suna. Da Hausa muna da "ku" ta girmamawa. Faransanci yana da irinta, Jamusanci ma haka, don haka 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da ke aiki da Faransanci sun san ba a fara wa baƙo da "tu". A Jamus ka riƙe "Sie" da sunan mahaifi har sai babban ya ba da izinin sauyawa, sai dai in ka tarar wurin aikin kowa da kowa sunan yanka ake kira. A jami'o'in Birtaniya kuwa malamai da yawa sun fi son sunansu na farko. Ɗalibi ya fara da laƙabi da sunan mahaifi a saƙon farko. Idan amsa ta dawo malamin ya sa hannu da sunansa na farko kawai, to ya buɗe ƙofa. Ci gaba da "Sir" bayan haka yana sa tazara, alhali kai kusanci kake nema.

Karanta nasu

Rabin aikin rubutawa ne, rabi kuma karantawa. Ɗalibanmu a Birtaniya sun fi faɗawa a nan. Malamin da ke duba kundinka ya rubuta a gefen babi: "You might want to look at this again." A zahirin kalmomi, cewa ya yi wataƙila za ka so ka sake dubawa. Abin da yake nufi shi ne ka sake rubuta wurin. Idan ya ce yana da 'yan ƙananan shawarwari, ka buɗe takardar ka ƙirga kafin ka yi murna. Idan saƙo ya fara da "I'm afraid", babu tsoro a ciki, a'a ce ke tafe. Wanda ya girma yana jin "bari mu gani" daga bakin kawunsa bai kamata wannan ya gagare shi ba. Kunnen nan da kake sauraron dattawan gida da shi, shi za ka buɗe wa Ba'ingile.

Da Baturen Holan ko Bajamushe kuwa, sai ka rufe wannan kunne. Idan ya rubuta cewa wannan sashe ba daidai ba ne, iyakar abin da yake nufi ke nan. Bai tsane ka ba, ba ya shirin korarka, kuma da an tashi shan shayi zai zo ya zauna kusa da kai. Kada ka kwana kana neman abin da ke ƙarƙashin maganar, babu komai a ƙarƙashinta.

Idan ka rasa gane ko shawara aka ba ka ko umarni, akwai hanya mai sauƙi da ba ta ɓata wa kowa rai. Ka maimaita abin da ka fahimta a rubuce: "Don in tabbatar na gane, zan sake rubuta babi na uku in aiko ranar Litinin 18 ga wata. Haka ne?" Mai kawaici zai ji daɗi ka ɗauke masa nauyin faɗi, mai kai tsaye kuma zai ga ka san aiki. Matambayi ba ya ɓata.

Cewa a'a

Nan ne ya fi mana wuya. An ce ka karɓi wani aiki, ka san ba za ka iya gamawa ba, amma kara ta hana ka ƙi. Sai ka rubuta cewa za ka yi ƙoƙari. A gida an gane. A Rotterdam an rubuta sunanka a jadawalin aiki, an gaya wa mai kaya ranar da zai karɓa. Ranar da abin bai samu ba, ba za a ce kana da kara ba, za a ce ba ka cika alkawari. "To" ɗinmu ma haka take: mu muna nufin na ji, su suna jin na yarda.

A'a ma tana da ƙwaya: abin da ba zai yiwu ba, dalili a taƙaice, da abin da zai yiwu. Ga na Rotterdam: "Ba zan iya gamawa ranar Laraba ba, ina kan rahoton wata. Zan iya ranar Juma'a." Ga na Manchester, a ƙara nuna cewa da an so a taimaka, da ɗan neman afuwa guda ɗaya. Ga na Jidda, a fara da abin da zai yiwu, cewa da yardar Allah zai same shi ranar Lahadi, sannan a bayyana abin da ya hana kafin nan. Game da in sha Allahu, Musulmi ba ya barin ta, kuma babu dalilin barin ta. Abin da nake yi shi ne in haɗa ta da rana da lokaci, domin wanda ba Musulmi ba, har ma da wasu Musulmin, kada su ɗauka hanyar zillewa ce.

Alamun an sami matsala, da iyakar wannan magana

Idan ka yi laushi fiye da kima, alamun a fili suke: an amsa maka da godiya amma ba a yi aikin ba, ko an tambaye ka me kake so a yi, ko an ce ai ba a san da gaggawa ba. Maganinsa saƙo na biyu mai ƙwaya zalla, ba tare da ƙorafi ba. Idan kuma ka yi kaushi fiye da kima, alamun sun fi ɓoyuwa: mutumin da ya saba gaishe ka ya koma amsa da kalma biyu, ko ya fara kiranka da cikakken suna, ko kwatsam ka ga ya sa shugabanku a CC. Wannan ba a gyara shi da wani imel ɗin. Ka kira shi, ko ka taka zuwa teburinsa.

Sai dai kada a ɗauki abin da na faɗa a kan ƙasashe kamar doka. Hasashen farko ne kawai, kafin ka san mutum. Na yi aiki da Ba'ingile mai faɗin magana gatsal, na kuma ga matasan Saudiyya da suka yi karatu a Amurka waɗanda doguwar gaisuwa take gundura. Muƙami, da shekaru, da irin sana'a sukan rinjayi ƙasa. A asibiti ko wurin gini, inda jinkiri yake iya taɓa rai, kowa kai tsaye yake magana, kuma haka ya kamata. Hanyar aikawa ma tana da tata doka: a Teams ko WhatsApp na aiki, aika gaisuwa ita kaɗai ka tsaya jiran amsa kafin ka faɗi buƙata yana takura wa Turawa da yawa. Ka haɗa gaisuwar da buƙatar a saƙo ɗaya.

Abin da ya fi duk wani hasashe shi ne ka buɗe saƙonni uku na ƙarshe da mutumin ya aiko maka. Duba layi nawa ya yi kafin ya kai ga buƙata, da wane suna ya kira ka, da yadda ya ƙi wani abu in ya taɓa ƙi. Sai ka yi kusa da nasa, ka ɗan fi shi laushi kaɗan in ya girme ka. Idan kuwa saƙo ɗaya zai je wa mutum uku ɗin nan a lokaci guda, ka yi gaisuwa layi ɗaya, ka jera ƙwayar a fili da sunan wanda zai yi kowane abu, kada ka ɗora wa kowa laifi a ciki. Gyaran da ya shafi mutum ɗaya, ka kai masa shi kaɗai, da rigar da ta dace da shi.

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. A nan ko nema ba sai mun yi da nisa ba, domin wanda ya san yadda ake yi wa aboki magana da yadda ake yi wa suruki ya riga ya iya canza riga. Abin da ya rage mana mu koya shi ne kada mu bar lamba da rana da sunan mai aiki su faɗi a hanya.